Yadda ake kwatanta tayin aiki biyu da jimillar kuɗin shekara

Adadin da aka rubuta a saman takardar ɗaukar aiki ba ya nuna wane tayi ne ya fi tsoka. Wani wurin yana biya wata 10 kawai a shekara, wani yana ƙara albashin wata na 13, wani kuma yana faɗin albashi kafin a cire haraji. Mafita ita ce a mayar da kowane kuɗi zuwa ma'auni ɗaya: abin da zai rage a hannun ma'aikaci cikin wata 12. Misalin da ke tafe na wani malami ne mazaunin Garwa, a arewacin Kamaru. An ɗauko alkaluman ne don koyar da lissafin, ba farashin kasuwa ba ne.

Tambaya ta farko: an cire ko ba a cire ba?

A takardun albashi na ƙasashen da ke aiki da Faransanci, `brut` na nufin albashi kafin a cire komai, `net à payer` kuma shi ne abin da ke shiga hannu. Kwatanta na farkon a wani tayi da na biyun a wani tayi shi ne kuskuren da aka fi yi.

A Kamaru, ma'aikacin da aka yi wa rajista a asusun CNPS ana cire masa kashi 4.2 cikin ɗari don fansho. Bayan wannan akwai harajin albashi da wasu ƙananan kuɗaɗe da ake cirewa tun daga tushe. Maimakon mutum ya yi ta kintace, ya fi sauƙi ya nemi mai ba da aikin ya rubuta masa samfurin takardar albashi ta wata guda, ya ɗauki adadin layin ƙarshe.

Tayi na ɗaya: makarantar kuɗi a Garwa

Makarantar za ta biya sefa 170,000 a hannu kowane wata, amma daga Satumba zuwa Yuni kawai. Don haka ana ninkawa da 10, ba da 12 ba, a samu 1,700,000.

Akwai kuma darasin ƙari na yamma, awa 4 a mako, a kan sefa 2,000 kowace awa. Kuɗin mako ya zama 8,000. A nan ma akwai tarko: shekara mako 52 ce, amma idan aka fitar da hutu da makonnin jarrabawa, makarantar ta ce mako 30 ake yin darasin. Mako 30 a kan 8,000 ya ba da 240,000. Jimillar tayin ta kama 1,940,000.

Tayi na biyu: kamfani a Ngaundere

Kamfanin yana neman mai horar da ma'aikata, ya rubuta 160,000 kafin cirewa. Kuɗin fansho kaɗai ya ci 6,720, kuma samfurin takardar albashi ya nuna 141,000 ne ke shiga hannu bayan an cire sauran. Wata 12 sun ba da 1,692,000. Yarjejeniyar ta tanadi albashin wata na 13, wanda za a iya ƙiyasta shi a kan 141,000, jimilla ta hau 1,833,000.

Alawus ɗin mota 20,000 ne a wata, amma an rubuta cewa ba a biyan sa a watan hutu. Wata 11 sun ba da 220,000, jimillar ta kai 2,053,000.

Saura abubuwa biyu da ba sa shiga wannan jimilla. Na farko kuɗin kwana ne da ake bayarwa idan an tura mutum aiki wani gari. Wannan kuɗin masauki da abinci ne, a hanya yake ƙarewa, don haka ba albashi ba ne. Na biyu tukuicin ƙarshen shekara ne da aka ce “zai iya kaiwa 200,000” idan ciniki ya yi kyau. Duk kuɗin da ke da sharaɗi irin wannan ana rubuta shi a gefe, domin zai iya zuwa duka, ko rabi, ko ya ƙi zuwa sam.

Kuɗin da aikin da kansa zai ci

Ya zuwa nan kamfanin yana gaba da 113,000. Sai dai malamin yana zaune ne a gidan gado a Garwa, ba ya biyan haya. A Ngaundere zai kama ɗaki a kan 25,000 a wata, wato 300,000 a shekara. Zai kuma riƙa zuwa ganin gida sau 4, kowace tafiya 15,000 zuwa da dawowa, wato 60,000.

Ƙa'idar ita ce a cire kuɗin da tayi ɗaya kaɗai ya jawo. Abinci da kuɗin zuwa wurin aiki kullum, idan kusan ɗaya suke a garuruwan biyu, ana barin su waje. Idan aka cire 360,000 daga tayin kamfanin, ya koma 1,693,000, na makarantar kuma yana nan a 1,940,000. Makarantar ta wuce da 247,000. Ko an biya tukuicin nan cikakke, tana nan gaba da 47,000.

Gwada ƙarfin sakamakon

Kafin a yanke shawara, sai a duba wane adadi ne idan ya canza zai juya lissafin. A wannan misali darasin yamma ne. Idan ba a rubuce yake a yarjejeniya ba, kuma ɗalibai suka ragu aka soke shi, tayin makarantar zai faɗo 1,700,000, tazarar ta zama 7,000 kacal. Ke nan abin da malamin zai nema kafin ya sa hannu shi ne a rubuta awannin nan 4 da farashinsu.

Akwai kuma abin da jimillar shekara ba ta nunawa. Idan makarantar ba ta yi masa rajista a CNPS ba, kuɗinsa na hannu ya fi yawa yau, amma watanninsa ba sa shiga lissafin fansho, alhali cikakken fanshon tsufa a Kamaru yana bukatar aƙalla wata 180 na zubi. Haka nan wanda ake biya wata 10 dole ya raba kuɗinsa gida 12. Sefa 1,940,000 ta zama kusan 161,700 a wata, kuma abin da ya haura wannan sai a ajiye shi don Yuli da Agusta.

Idan ɗaya tayin a ƙetaren iyaka yake

Kamaru da Cadi kuɗinsu ɗaya ne, don haka ana kwatanta alkaluman kai tsaye, amma abin da ake cirewa na haraji da fansho ya bambanta, kowace ƙasa da dokarta. Sefar Nijar darajarta ɗaya da ta Kamaru, kowace yuro tana daidai da 655.957, sai dai takardun kuɗin daban ne, kuma canji ko aika kuɗi gida yana da caji da za a cire. Idan da naira za a biya, farashinta yana hawa yana sauka, saboda haka a yi lissafin sau biyu: ɗaya da canjin yau, ɗaya da canjin da ya fi shi muni. Idan tayin ya ci gaba da rinjaye a lissafi na biyu, to rinjayensa na gaske ne.