Tabbatar da Malamin Jami'a a Kujerarsa: Me Take Karewa?

Kalmar da Ingilishi ke kiran wannan matsayi da ita daga Latinanci ta fito, ma'anarta kuwa riƙo. Da ita ake zancen riƙon gona. Manomin Hawandawaki ya san bambancin gonar aro da ta gado. Kujerar malamin da aka tabbatar tana tsakaninsu: ba a karɓe ta da ka, amma ba a gadonta.

A Amirka al'adar ta kafu. A 1900 jami'ar Stanford ta raba Edward Ross da aikinsa, domin ra'ayinsa ya ɓata wa Jane Stanford, mai jami'ar, rai. Ƙa'idar da malamai da shugabannin makarantu suka amince da ita a 1940 ta ce gwaji kada ya wuce shekara 7. Daga nan ba a sallamar malami sai da ƙwaƙƙwaran dalili, bayan an saurare shi, ko kuwa in talauci na gaske ya kama makarantar. Ashe abin da ake karewa 'yancin bincike da koyarwa ne. Mai sakaci da aiki ba shi da mafaka.

Zariya ta nuna iyakar wannan kariya. Patrick Wilmot, haifaffen Jamaika, ya shekara 18 yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello. A 1988 gwamnatin Babangida ta kama shi, ta tura shi Landan. Ba majalisar jami'a ta kore shi ba. Takardar aiki tana ɗaure wanda ya ɗauki malami ne, ba ta ɗaure hukumar shige da fice.