Baki biyar, mai gida ɗaya: yadda labarin Bakolori ya iso Dogon Daji

A ɗakin bincike akwai wata ƙa'ida da ake koya mana tun shekarar farko. Idan ka auna buhun shinkafa sau biyar da sikeli ɗaya, ba awo biyar ka yi ba. Awo ɗaya ka maimaita, kuma in sikelin na da matsala, duka biyar ɗin za su ba ka kuskure iri ɗaya. Ka riƙe wannan a ranka, domin da shi za mu auna kafafen labaran da iyayenmu suka dogara da su.

Mu ɗauka kana zaune a Dogon Daji, bakin hanyar Sakkwato zuwa Jega, a ƙarshen watan Afrilun 1980. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, wadda a lokacin cikin Jihar Sakkwato take, an yi ɓarin jini. Madatsar ruwan da kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta raba mutum sama da 13,000 da gidajensu da gonakinsu. Manoma suka yi ta jiran diyya, da suka gaji suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. Aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta. Adadin mamatan da hukuma ta bayar bai kai 30 ba. Alƙaluman da 'yan adawa da masu bincike suka kawo daga baya sun haura 380.

To, kai da ke Dogon Daji, ta wace ƙofa labarin zai shigo maka? Bari mu ƙirga. Akwai Rediyon Kaduna, wanda kusan kowace akwatin rediyo a Arewa ke kamawa. Akwai gidan rediyon jiha a Sakkwato. Akwai talabijin, ga wanda ke birni yana da wuta. Akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo ga mai karatun Hausar boko, sai New Nigerian ga malamin makaranta da ma'aikaci. Baki biyar ke nan.

Yanzu tambayi kowannensu: wa ke da kai? Rediyon Kaduna ya fara ne a 1962 a matsayin mallakar gwamnatin Jihar Arewa, amma zuwa 1978 an zuba shi cikin FRCN ta tarayya. Gidajen talabijin na jihohi duk an haɗe su ƙarƙashin NTA da dokar soja ta 1977. New Nigerian, wadda ta fara fita ranar 1 ga Janairun 1966, gwamnatin Murtala ta karɓe ta baki ɗaya a 1975, shekarar da ta karɓi kashi 60 cikin 100 na Daily Times ta Legas. Gaskiya kuwa tana ƙarƙashin kamfanin New Nigerian. Saura rediyon jiha, wanda ke hannun gwamnatin Shehu Kangiwa. Shi da Shugaba Shehu Shagari, wanda garinsu ke kan wannan hanya taku ta zuwa Sakkwato, duk 'yan NPN ne. Ka ga baki biyar sun koma sikeli ɗaya, kuma mai sikelin shi ne wanda ake tuhuma.

Wannan ba a dare ɗaya aka gina shi ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, kuɗin hukumar Turawa ne ya haife ta. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta fito da jaridun larduna, Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, su ma na hukuma. Dalilin tattalin arziki ne. Masu karatun boko kaɗan ne, 'yan kasuwar da za su sayi filin talla sun taru a Legas, injin ɗab'i da na'urar watsa shiri kuma tsada gare su. Inda talla ba za ta ciyar da jarida ba, mai baitulmali ne kaɗai zai iya. Daga baya doka ta ƙara kulle ƙofar: tsarin mulkin 1979 ya keɓe mallakar rediyo da talabijin ga gwamnatin tarayya da ta jiha, sai wanda shugaban ƙasa ya yi wa izini.

Kada ka ɗauka sai mai gida ya ɗaga waya ya ce a yi ƙarya. Yawanci ba ya buƙata. Labari kamar na Bakolori matakai uku yake bi. Na farko, sai an ba wakili mota da kuɗin mai ya je ƙauyukan ya ƙirga kaburbura, kuma wanda zai sa hannu a kuɗin hukuma ce ta naɗa shi. Na biyu, in bai je ba, abin da ke hannunsa shi ne sanarwar 'yan sanda da ta gidan gwamnati, ko rahoton kamfanin dillancin labarai na NAN, wanda shi ma na tarayya ne. Na uku, edita ne zai zaɓi abin da zai buɗe labarai da abin da zai bari. Kowace jimla za ta iya zama gaskiya, domin lallai “hukuma ta ce” hakan. Abin da ya ɓace shi ne muryar matar da aka kashe wa miji.

Amma a yi adalci, abin yana da iyaka. New Nigerian ta yi suna wajen sukar gwamnatoci a sharhinta, musamman in an taɓa muradin manyan Arewa. Sashen Hausa na BBC yana nan tun 1957. Direbobi da fatake ma suna ɗauke da nasu labarin daga kasuwa zuwa kasuwa. Akwai kuma jaridun da ba na NPN ba, irin su Nigerian Tribune ta Awolowo a Ibadan, sai dai da Turanci take, kuma ita ma tana da nata mai gidan da nasa lissafin siyasa. A Kano gwamnatin Abubakar Rimi ta PRP ta kafa Triumph a 1980, ta kuma fito da Albishir da Alfijir ta ajami. Lura da maganin da aka samo: ba kafa marar mai gida ba, wani mai gidan ne daban.

Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa NBC, ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Raypower ya fara a Legas a 1994, Freedom Radio a Kano a 2003. Yau in ka murɗa rediyo a Tambuwal ko Kebbe za ka ji tashoshin da kakanka bai taɓa mafarkinsu ba. Sai dai lasisi har yanzu da amincewar shugaban ƙasa ake bayarwa, kuma a jihar da babu manyan masana'antu, babban mai sayen lokacin iska gwamnati ce da 'yan siyasa. A 2022 NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirinta kan 'yan bindiga. Yawan tashoshi ma ba shi ne yawan masu su ba. A Amurka, Ben Bagdikian ya ƙirga kamfanoni 50 da ke riƙe da mafi yawan kafafen ƙasar a 1983. Da ya sake ƙirgawa a 2004, biyar suka rage.

Don haka in an kai hari wani ƙauye ka ji adadi ɗaya a tashoshi huɗu, kada ka yi saurin cewa ya tabbata. Duba ko kalmomin iri ɗaya ne, domin hakan alama ce ta sanarwa ɗaya aka karanta. Saurara ko akwai wanda ya yi magana daga cikin ƙauyen. Sannan ka binciki mai kowace tasha, da wanda tallarsa ta fi yawa a cikinta. In duk sun koma gida ɗaya, shaida ɗaya ka ji, kuma kana da sauran aikin neman ta biyu.