Takin gargajiya na cikin gida a Zamfara

Takin gargajiya na cikin gida taki ne da ake haɗawa daga ragowar kayan girki da busasshen ganye, ana zuba shi a shukar zogale, alayyafo da tumatir. A garuruwa irin su Gusau, Tsafe da Bunguɗu na Jihar Zamfara, ramin takin da bai wuce mita 1 a faɗi ba yakan wadatar a ƙaramin gida.

Ana jera kayan hawa-hawa: kwano ɗaya na ɓawon doya, lalataccen tumatir da ɓawon albasa, sai kwano 2 ko 3 na busasshen ganyen darbejiya ko mangwaro. Ba a saka nama, kifi ko mai, domin suna jawo ɓeraye da ƙudaje.

Wari alama ce ta matsala. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ruwa ya yi yawa, iska ba ta shiga, abin da ya fi faruwa a watan Agusta. Sai a juya takin, a ƙara ganye, a rufe shi daga ruwan sama. Zarni kuwa na nuna ɗanyen kaya ya rinjayi busasshe. Lokacin hunturu takin kan bushe, sai an riƙa yayyafa masa ruwa. Yakan nuna cikin wata 2 zuwa 4, ya yi baƙi, yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.