Daga Faifai Mai Juyawa Zuwa SSD: Yadda Lissafin 'Yan Gem Ya Sauya a Keffi

Lokacin da PlayStation 4 ta fito a 2013, faifai mai juyawa ne a cikinta, wato HDD mai gigabait 500, wanda ke zagaye 5,400 a minti ɗaya. Da na'urar ta iso gidajen gem na Keffi, musamman na kewayen Jami'ar Jihar Nasarawa, babu wanda ya damu da wannan. Ɗalibai na buga FIFA da PES, a ɗan jira kafin fili ya bayyana, a ci gaba da musu. Masu laftof ɗin hannu da ake sarowa daga Abuja ma haka suke: tambayarsu ita ce gem nawa faifan zai ɗauka, ba saurinsa ba.

Ba wai faifan yana da sauri ba ne a lokacin. Masu ƙera wasanni ne suke rufa masa asiri. A cikin HDD akwai allura da sai ta tashi ta je inda bayani yake kafin ta karanta, kuma kowane zuwa yana cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Idan wasa na buƙatar ƙananan abubuwa dubu a warwatse, an yi asarar daƙiƙa goma a yawo kawai. Don haka sukan ajiye abu ɗaya a wurare da yawa domin allurar ta same shi kusa, su kuma sa ɗan wasa ya ratsa dogon lungu ko ya hau lif, alhali a bayan fage ana loda unguwar da ke gaba.

A watan Maris na 2020, Mark Cerny, jagoran tsara PlayStation 5, ya bayyana cewa faifan PS4 na ɗaukar kusan daƙiƙa 20 kafin ya loda gigabait ɗaya. Sabuwar na'urar da ta fito a Nuwamba na shekarar ta zo da SSD, wadda babu abin da ke motsi a cikinta, tana karanta gigabait 5.5 a daƙiƙa. Masu gidajen gem da suka saye ta sun tarar da sabuwar ƙa'ida: ana iya ajiye wasan PS5 a faifan waje na USB, amma ba a buga shi daga can. Wasan PS4 kuwa yana tafiya daga faifan wajen lafiya lau.

Masu kwamfuta sun ɗan samu jinkiri, har zuwa 2023. A shekarar ne Baldur's Gate 3 da Starfield suka sanya SSD cikin mafi ƙarancin abin da ake buƙata, Cyberpunk 2077 ma ya bi sahu da fitowar Phantom Liberty. Yawancinsu za su buɗe a kan HDD, kuma nan ne ake ruɗuwa. Ɗauki ɗalibi mai laftof da faifan terabait ɗaya: wasa ya tashi, amma yana shiga gari da gudu sai bango ya fito babu fenti, hoto ya daskare na ɗan lokaci, bakin mutum na motsi murya ba ta iso ba. Sai ya zargi katin hoto. Kafin ya kashe kuɗi, ya buɗe Task Manager, ya shiga Performance yana cikin wasa. Idan Disk ya manne a 100% alhali GPU na hutawa, faifan ne ya gaza. SSD ta SATA, mai kusan megabait 500 a daƙiƙa, ta isa ta magance wannan. Amma idan GPU ne ya cika, to ko SSD mafi tsada ba za ta ƙara santsin hoto ba, kuma duk mai shagon da ya ce za ta ƙara bai faɗi gaskiya ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan gida. Laftof da ke yawo a jaka bisa acaɓa, ga zafin Maris da Afrilu, ga ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, duk suna gajiyar da faifai mai juyawa. Idan ya fara ƙara ƙas-ƙas, ko CrystalDiskInfo ya nuna Caution, a kwashe abin da ke ciki tun da wuri.

A ganina, mai buga GTA V da tsofaffin FIFA ya riƙe HDD ɗinsa, jira kawai zai sha. Wanda kuwa yake son manyan wasannin da suka fito daga 2023 zuwa yau, ya nemi SSD ko da mai gigabait 512 ce, ya sa Windows da wasan da yake bugawa a kanta, tsohon faifan ya zama rumbun ajiya, domin sake sauke wasa mai gigabait 100 da kuɗin data ba ƙaramin abu ba ne.