Sarƙewar iska a kwamfaresar injin jet

Kwamfaresa ita ce jerin fankokin da ke matse iska a gaban injin jet kafin ta isa ɗakin ƙona mai. Kowane reshen fanka tamkar ƙaramin fiffike ne. Idan iska ta bugo shi a karkace fiye da kima, sai ta daina bin bayansa, matsin ya ragu. Wannan ita ce sarƙewa, kuma takan tsaya a wani sashe kawai, injin na ci gaba da aiki da kyarma.

Idan abin ya game kwamfaresar duka, matsattsiyar iskar da ke baya takan fi ƙarfinta, ta yi amai ta gaba. Wannan tumbuɗin shi ne mafi muni. Shigar tsuntsu ko ƙanƙara, lalacewar rassan fanka, da iska mai bugowa ta gefe lokacin tashi duk suna jawo shi.

Kunne ne kan fara sanar da matuƙi: ƙara kamar ta bindiga, sau ɗaya ko a jere, wani lokaci da harshen wuta ta gaba ko ta baya. Jirgin yakan fizga zuwa ɓangaren injin da ya rasa ƙarfi. A allo kuwa, N1, wato saurin juyawar fankar gaba, da EPR, wato ma'aunin matsin injin, suna faɗuwa ko rawa, EGT, wato zafin hayaƙi, yana hawa. Matuƙi yakan ja maƙurar injin baya har ƙarar ta lafa, sannan ya ƙara a hankali. Idan zafin ya ƙi sauka, sai ya kashe injin.