Gano abin da ke sa wasan kwamfuta tsinkewa

Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa yana da milisakan 16.7 kacal don gama kowane hoto. CPU ke lissafin motsi da dokokin wasa, GPU kuma ke zana hoton. Duk wanda ya makara, shi ke sa hoto tsinkewa.

Gwaji mafi sauƙi shi ne rage girman hoton, daga 1080p zuwa 720p. Idan wasan ya ƙara sauri, nauyin yana kan GPU. In bai canza ba, a tuhumi CPU. A fara kashe VSync, domin yana ɓoye bambancin.

A manhajar Unreal Engine, umarnin `stat unit` yana nuna lokutan CPU da GPU a milisakan. Misali, Frame 25, GPU 24, Game 9 na nufin hoto 40 a daƙiƙa, kuma GPU ce ta gaza.

A Magariya da Dungas, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, na'ura kan rage wa kanta gudu idan ta yi zafi. Wasan da ya fara lafiya sannan ya lalace bayan ƴan mintoci, zafi za a fara dubawa.