Daidaita sunaye ta kamanni da lafazi

Daidaita sunaye ta kamanni da lafazi hanya ce ta gano mutum ɗaya da aka rubuta sau biyu a rajista. Tazarar Levenshtein, ta 1965, tana ƙirga haruffan da za a sauya, a ƙara ko a cire: tsakanin Usman da Usmanu ɗaya ce. Soundex, mai rajistar mallaka tun 1918, yana barin harafin farko, ya mayar da baƙaƙe lambobi bisa lafazin Ingilishi. Shi ya sa Muhammad, Mohammed da Mahamadou duk ke zama M530, amma Usman (U255) ba ya haɗuwa da Ousmane (O255), rubutun Nijar. Ba a tanadi ɓ, ɗ, ƙ a tsarinsa ba, kuma ba ya gane Habu shi ne Abubakar.